Hoto Biyu Ake Bukata Kafin a San Wutar da Aka Sha

A gidajen haya da layukan shaguna, ƙarshen wata ya samu sabuwar al'ada. Wani zai je ya ɗauki hoton mita da waya, ya tura wa mai gida ko ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan haya, daga nan sai a fara rabon kuɗin wuta. Sau da yawa daga nan kuma rigima ke tashi. Mai shago ya ce, "Alhaji, wallahi ni ban sha wannan wutar ba." Mai gida ya ce, "To Malam, ga hoto nan, ai ba ni na rubuta lambar ba." Duk su biyun gaskiya suke faɗa, domin lambar da ke cikin hoton ba ƙarya ba ce, karanta ta ne aka yi ba daidai ba.

Hoto guda ɗaya ba ya gaya wa kowa yawan wutar da aka sha a wata. Mitar da ke ƙirga sama tana aiki ne kamar lambar kilomita da ke gaban direba: tun ranar da aka kafa ta take tarawa, ba ta komawa sifiri don wata ya ƙare. Idan ka ga 3561 a fuskarta, abin da take cewa shi ne yunit 3561 sun bi ta cikinta tun farkon aikinta, ƙila ma tun zamanin wanda ya riga ka zama a ɗakin. Naka na wannan watan yana tsakanin lambar yau da lambar da ta nuna a farkon wata. Wanda bai ajiye hoton farko ba, ba shi da abin da zai ɗebe, sai dai a koma ga ƙiyasi, kuma ƙiyasin nan shi ne abin da mutane suka yi ta kuka da shi tun ana kiran kamfanin wuta Nefa.

Shi yunit ɗin da ake ta faɗa, shi ne abin da mita ke rubutawa kWh. Kayan wuta mai cin wat 1000, idan ya yi awa ɗaya cur yana aiki, ya sha yunit ɗaya. Dutsen guga ke nan a awa guda. Fanka mai wat 70 kuwa sai ta yi sama da awa 14 tana juyawa kafin ta cinye yunit ɗaya. A riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Bari mu ɗauki misalin gida irin wanda ya cika unguwannin Kano. Mai gida yana ciki da iyalinsa, a ƙofar gida kuma akwai shago da ya ba wani tela haya. Babbar mitar gidan ta kati ce, wadda KEDCO ta kafa. Don kada a riƙa musu, mai gida ya sa mai gyaran wuta ya ɗaura ƙaramar mita a kan layin da ya shiga shagon. Wannan ƙaramar ba ta kamfani ba ce, ba a loda mata kati, aikinta kawai ƙirga abin da ya wuce zuwa shago.

Ranar 1 ga Maris aka ɗauki hotonta, ta nuna 03418.6. Ranar 31 ga wata aka sake ɗauka, ta nuna 03561.2. Sifirin farko ba ya cikin lissafi, cike gurbi yake yi. Sai a ɗebe tsohuwar lamba daga sabuwa:

3561.2 − 3418.6 = 142.6

Tela ya sha yunit 142.6 a kwana 30. Lissafin bai wuce na ɗan aji huɗu ba. Duk wahalar tana wurin tabbatar da cewa lambobi biyun da aka ɗebe su ne ainihin waɗanda ya kamata a ɗebe.

Babban mai haddasa faɗa shi ne ɗigo. A mita mai fuskar gilashi, ɗigon ɗan mitsitsi ne a ƙasan lambobi, kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa idan hoto ya yi dishi-dishi, ko hasken waya ya dawo daga gilashi, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe murfin. WhatsApp ma yana rage ingancin hoto idan an tura shi yadda aka saba. Wanda bai ga ɗigon ba zai karanta 34186 da 35612, ya ɗebe, ya samu 1426. Ya ninka wa tela wutarsa sau goma ke nan, kuma lissafinsa ba kuskure a cikinsa, ko a na'ura aka buga haka za ta bayar. A tsofaffin mitoci masu lambobin da ke juyawa babu ɗigo ma sam. Abin da ke madadinsa shi ne gidan ƙarshe na hannun dama, wanda aka yi wa jan fenti ko aka kewaye da jan layi. Wannan jar lambar kashi goma ce ta yunit ɗaya. Ma'aikatan kamfani galibi ba sa rubuta ta, kuma kai ma kana iya barin ta, muddin ka bar ta a hotuna biyun duka. Da an yi haka a nan, za a samu 3561 a ɗebe 3418, wato 143, bambancin bai kai rabin yunit ba. Masifa ita ce a saka jar lamba a karatu ɗaya a cire ta a ɗayan.

Ta yaya za a gane 142.6 ne daidai ba 1426 ba, idan hoton ya ƙi nuna ɗigo? A raba da kwanaki, sannan a shiga shagon a duba abin da ke ciki. Yunit 142.6 a kwana 30 ya kama kusan 4.8 a rana. Telan nan yana da dutsen guga mai wat 1000, wanda idan aka tara lokacin da yake jan wuta a yini zai kai awa biyu da rabi: yunit 2.5. Keken ɗinki mai mota, a ce wat 400 na awa uku: 1.2. Fanka ta awa goma: 0.7. Ƙwai uku masu wat 15 na awa takwas: kusan 0.4. An tashi da 4.8. Lamba ta yi daidai da shago. Ɗaya lissafin kuwa yana cewa yunit 47 da ɗoriya a kullum, wanda sai an jona dutsen guga biyar an bar su suna ci ba tsayawa na kusan awa goma kafin a kai. Ko ana jajiberin Sallah babu telan da ke yin haka. A ganina wannan gwajin ya fi duk wata rantsuwa amfani, domin ba ya bukatar kowa ya yarda da kowa, kayan da ke shagon ne ke ba da shaida.

Bayan ɗigo sai tambayar ko lambar da hoton ya kama ta yunit ce ma tukuna. Mitocin zamani ba lamba ɗaya suke nunawa ba. Fuskarsu tana sauyawa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi: ta nuna kwanan wata, ta nuna lokaci, ta nuna ƙarfin wuta, ta nuna abin da ake ja a wannan lokacin, sannan ta zo kan jimillar yunit. Yaron da aka aika ya ɗauko hoto yakan danna ne a kan duk abin da ya tarar. Sai a turo 228.4, mutane su zauna suna ɗebewa, alhali a gefen lambar an rubuta V, wato ƙarfin wutar da ke layi ne. Haka A ko kW, duk ba su ba ne. Abin nema shi ne kWh, da ƙaramin h ɗinsa a ƙarshe. A wasu mitocin, musamman na manyan gidaje da masana'antu, akwai 'yar lamba a kusurwar fuska da ke faɗin shafin da ake kai, kuma 1.8.0 ita ce ta jimillar wutar da aka ja daga layi. Idan hoton ya nuna takwas-takwas reras daga farko har ƙarshe, mitar tana gwada fuskarta ne, a jira ta wuce.

Su kansu lambobin suna da yaudara. Kowace lamba a fuskar gilashi an haɗa ta ne da 'yan sanduna bakwai, kuma idan haske ya cinye sanda ɗaya, 8 takan koma 0 ko 6 ko 9, 7 kuma ta koma 1. Kuskure a lambar ƙarshe ba ya cin kowa. Kuskure a gidan ɗari kuwa yunit ɗaruruwa ne. Maganinsa a kashe hasken kyamara, a goge gilashi, a ɗan karkata wayar gefe, a ɗauki hoto biyu ko uku. A mita mai juyawa kuma za a iya tarar da lamba ta tsaya rabi da rabi, ana ganin gindin ɗaya da kan ɗaya. A ɗauki ƙaramar, domin babbar ba ta cika ba. Inda aka samu 9 da 0, 9 ce ƙaramar, tunda ita ce ke kan hanyar wucewa.

Abu biyu ya kamata su fito a hoton bayan karatun kansa. Na farko lambar mitar, wadda aka buga a jikinta. A gidan da mitoci shida suke jere a bango ɗaya, iri ɗaya, launi ɗaya, ɗaukar ta maƙwabci abu ne mai sauƙi, kuma hoton da aka matso da shi har lambobin karatu kawai suka fito ba shi da yadda zai nuna ta wane ce. Na biyu ranar da aka ɗauka. Lokacin da saƙo ya shigo waya ba shi ne lokacin da aka ɗauki hoto ba. Ana iya turo na makon jiya yau, da gangan ko da mantuwa. Dabara mai arha ita ce a rubuta kwanan wata a 'yar takarda a riƙe ta kusa da mitar. Duk wannan daga waje ake yinsa, ba sai an taɓa murfi ko hatimin da kamfani ya ɗaure ba. Cire hatimin laifi ne mai tara, ga kuma wayoyin da ke bayansa masu rai ne.

Yanzu mu shiga cikin gida wurin babbar mitar, domin ita lissafinta daban ne, kuma a nan ne har masu ilimi ke tuntuɓe. Mitar kati ƙasa take ƙirgawa. Abin da take nunawa a fuska galibi shi ne ragowar yunit da ba a sha ba. Ranar 1 ga Maris ta nuna 46.3, ranar 31 ta nuna 21.5. Wanda ya ɗebe kai tsaye zai ce gidan gaba ɗaya ya sha 24.8, alhali shagon tela kaɗai ya sha 142.6 daga cikinta. Abin da ya ɓace a lissafin shi ne katin da aka loda a tsakani. Mai gida ya sayi na naira 20,000 sau uku, kowanne ya ba shi yunit 88.8, sannan ya sayi na naira 30,000 ya samu 133.2. Jimilla 399.6. Sai a tara abin da aka tarar da abin da aka zuba, a cire abin da ya rage:

46.3 + 399.6 − 21.5 = 424.4

Gidan duka ya sha 424.4. An cire na tela 142.6, saura 281.8 na mai gida da iyalinsa.

A nan hoto biyu ba su isa ba, sai an haɗa da rasit na kowane kati, kuma yunit ɗin da ke rubuce a rasit ake tarawa, ba kuɗin ba. Dalili shi ne ba duk kuɗin da aka biya ke zama wuta ba. Ana cire harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kuma idan akwai tsohon bashi a kan gidan, kamfani yakan yanki wani abu daga kowane saye. Haka nan katin da aka saya ranar 31 da safe amma ba a danna lambobinsa 20 a mita ba sai bayan an ɗauki hoto, ba ya cikin lissafin Maris, na Afrilu ne. Rasit ɗaya da ya ɓace ko aka saka a watan da ba nasa ba yana iya karkatar da yunit 88 zuwa kan wani. Mitocin kati da yawa suna ajiye jimillar abin da aka sha tun farko, ana kiran ta da wata gajeriyar lamba da ake dannawa. Lambar ta bambanta daga ƙirar wani kamfani zuwa ta wani, tana cikin takardar da ke zuwa da mitar. Wanda ya samo tasa ya huta da tara rasit, ya koma lissafin ɗebe tsohuwa daga sabuwa.

Juya yunit zuwa naira shi ma daga rasit ɗin ya fi sauƙi. Farashin ya danganta da rukunin da layin unguwa yake. Hukumar NERC ta kasa layuka daga rukunin A, wanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa rukunin E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sauko da shi, ya zauna a naira 209.5 a kamfanoni da dama. Da wannan farashin muka gina misalinmu: idan an ɗora VAT ya zama kusan naira 225.2, shi ya sa naira 20,000 ta ba da yunit 88.8. Amma ba sai mutum ya haddace farashi ba. Ya raba kuɗin da aka biya da yunit ɗin da aka samu, ya ga abin da yunit ɗaya ya kama masa a hannu. Tela zai biya 142.6 sau 225.2, wato wajen naira 32,100. Da an bi lissafin da ya yar da ɗigo, da an ce ya kawo sama da naira 321,000. Sai dai idan ana cire tsohon bashi a katin, adalci shi ne a fitar da wannan kason kafin a raba, tunda tela bai ci bashin ba.

Wani lokaci ana ɗebewa sai a ga sabuwar lamba ta fi tsohuwa ƙanƙanta a mitar da ke ƙirga sama. Mita ba ta ja da baya haka kawai. Ko dai an juya hotunan, ko an ɗauki ta wani, ko an sauya mitar a tsakiyar wata, ko kuma ta cika ta zagayo. Idan sauyi aka yi, lissafi biyu ake yi a haɗa: na tsohuwa daga farkon wata zuwa ranar da aka cire ta, da na sabuwa daga lambar da ta fara da ita, wadda ba lallai ta zama sifiri ba. Shi ya sa ranar sauya mita ake son hoto biyu nan take, kafin mai aiki ya tafi da tsohuwar. Idan kuma zagayowa ta yi, misali daga 99940 zuwa 00085 a mita mai gida biyar, to 60 ne suka kai ta 100,000, a ƙara 85, an sha 145.

Masu injin niƙa, gidajen ƙanƙara da ƙananan masana'antu suna da ƙarin mataki ɗaya. Wutar da suke ja ta fi ƙarfin ta bi ta cikin mita kai tsaye, don haka ake sa wasu zobba a kan wayoyin su rage ta kafin ta isa mita. Idan an rubuta 200/5 a jikin zoben, an rage ta sau 40 ke nan, kuma sai an ninka bambancin karatu biyu da 40, sai fa idan an riga an saita mitar ta yi ninkin da kanta. Takardar bil takan nuna adadin da ake ninkawa da shi. Mitar gida da ta ƙaramin shago ba su da wannan.

Akwai wani sauƙi da mita mai ƙirga sama ke da shi wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Kuskuren karatu yana gyara kansa. A ce an karanta wa tela 3661 maimakon 3561, ya biya ƙarin yunit 100 a Maris. A ƙarshen Afrilu za a ɗebe ne daga 3661 ɗin, sai lissafinsa ya ragu da yunit 100 daidai. Wanda ke cutuwa da gaske shi ne mai tashi daga gida, ko wanda farashi ya sauya a tsakanin watanni biyun. Saboda haka hoton ranar shiga da na ranar fita sun fi sauran duka nauyi. Haka kuma mai karɓar bil daga kamfani: ya duba karatun da aka rubuta masa a takarda a matsayin na yanzu, ya gwada da hotonsa na ranar. Idan takarda ta ce 5200, mita kuma har yau tana 4900, ba a karanta ta ba, an ƙiyasta ne, kuma hoton mai ɗauke da lambar mita da kwanan wata shi ne abin da zai kai ofis.

To idan an bi duk wannan, ɗigo yana wurinsa, kWh ce, mitar tasa ce, amma har yanzu tela yana ganin lambar ta fi ƙarfin shagonsa fa? Akwai gwajin da za a yi a tsaye cikin minti biyar. A fuskar yawancin mitocin zamani akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta wani abu kamar 1600 imp/kWh. Ma'anarsa ƙiftawa 1600 ita ce yunit ɗaya. Lokacin da akwai wuta, a kashe komai na shagon, a zare duk abin da aka jona a bango. Fitilar ta daina ƙiftawa. Idan ta ci gaba, to akwai abin da ke shan wuta ta bayan mitar wanda ba a cikin shagon yake ba. Sau da yawa ba sata ba ce, mai gyaran wuta ne ya ɗauki layin fitilar ƙofar gida ko na injin jan ruwa daga wurin da ya fi masa kusa. Idan kuwa ta tsaya, sai a jona dutsen guga mai wat 1000 shi kaɗai, yana sanyi, a ƙirga ƙiftawa na minti ɗaya kafin ya yi zafi ya katse kansa. A mita mai 1600 ana sa ran wajen 27. Idan wutar ta zo da rauni za a ga ƙasa da haka, wannan ba laifin mita ba ne. Amma idan aka ƙirga 50 ko 60, ƙaramar mitar ce ke gudu, kuma tunda ta mai gida ce ba ta kamfani ba, sai a ɗauki hotonta na ƙarshe a sauya ta.